Yadda ake kimanta gwal da kayan ado domin inshora: abin da takardar ta ƙunsa da lokacin sabunta ta

Tambayoyin da aka fi yi mini kan wannan batu uku ne. Wa ake kai wa kayan ado ya kimanta su? Me ya kamata a gani a takardar da zai bayar? Kuma takardar shekara nawa take yi kafin ta tsufa? Yawancin masu tambayar adadin kuɗin da ke ƙasan takardar ne ya dame su. Ni kuwa bayanin da ke sama da adadin nake fara dubawa, domin ranar da sarƙa ta ɓata ko aka sace ta, wannan bayanin kaɗai ya rage a hannunku. Ma'aunina guda ne: idan aka miƙa takardar ga maƙerin da bai taɓa ganin kayan ba, zai iya ƙera irinsa ko ya nemo kamarsa? In ba zai iya ba, takardar ba ta gama aikinta ba, ko da an buga mata hatimi goma.

1. Ku fara da kamfanin inshora

Kafin ku biya kowa kuɗin kimantawa, ku tambayi kamfanin da za ku yi inshora da shi, ko kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, in shi kuka zaɓa. Sharuɗɗansu ne za su nuna irin takardar da kuke bukata. Ku nemi amsar waɗannan a rubuce: daga wane adadi ne kaya guda yake bukatar takardar kimantawa, takardar wa suke karɓa, kuma kada ta wuce shekara nawa.

Akwai tambaya ta huɗu da ta fi sauran nauyi, wato yadda suke biya idan an yi asara. Wasu kamfanoni suna biyan adadin da aka yi yarjejeniya a kansa tun farko, ba ƙari ba ragi. Wasu kuma alƙawarinsu shi ne su maye muku kayan da irinsa, sau da yawa ta hannun dillalin da suke hulɗa da shi, kuma adadin da ke takarda shi ne iyakar abin da za su kashe. A irin wannan yarjejeniya, idan suka samu kayan ƙasa da adadin, rarar ba taku ba ce.

Gargaɗi: inshorar kayan gida ta gama-gari yawanci tana da iyaka ga kaya guda ɗaya. Zoben da darajarsa ta wuce iyakar sai an rubuta shi da sunansa a yarjejeniyar. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai ranar neman diyya. Ku kuma tambaya ko inshorar tana aiki idan kayan suna jikinku a waje ko a tafiya, ko kuwa sai suna cikin gida.

2. Ku tattara kaya da takardunsu

Ku fito da rasit, da takardar ɗakin gwaji idan dutsen ya zo da ita, da tsohuwar takardar kimantawa in akwai, da akwatin asali idan kayan na wani sanannen kamfani ne. Rasit ɗin gyara ma yana da amfani, domin zoben da aka ƙara masa faɗi ko sarƙar da aka sauya mata maɓalli nauyinsu ya canja.

Ku rubuta jerin kayan, ku ɗauki hoton kowanne. Ba sai kun kai komai ba. Ƙananan kayan da ba su kai iyakar da kamfani ya gindaya ba, rasit da hoto sun ishe su, kimanta su ɓarnar kuɗi ce.

Gargaɗi: rasit ba takardar kimantawa ba ne. Yana nuna abin da kuka biya a rana kaza, kuma sau da yawa bayaninsa bai wuce kalma uku ba. Haka takardar ɗakin gwaji irin ta GIA, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja, tana bayanin dutse ne kawai, ba ta ɗauke da farashi, ba ta kuma ce komai game da gwal ɗin da aka ɗora dutsen a kai.

3. Zaɓen mai kimantawa

A ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana kowa kiran kansa mai kimanta kayan ado, don haka tantancewar tana wuyanku. Ilimi biyu ake nema a wurinsa. Na farko sanin duwatsu da ƙarafa, wanda ake samun shaidarsa daga makarantu irin su GIA ta Amurka ko Gem-A ta Birtaniya. Na biyu sanin ƙa'idar sa farashi, wato yadda ake binciken kasuwa a fitar da adadin da za a iya karewa. Gwani a ƙira ko a ciniki ba lalle ne ya iya na biyun ba. Ku tambaye shi inda ya yi karatu, ku nemi ganin samfurin takardar da yake bayarwa. Daga samfurin za ku gane ko aikinsa na layi biyu ne ko cikakke.

Na fi son wanda ba shi ne ya sayar muku da kayan ba, kuma ba ya neman saya. Mai sayarwa yana da dalilin ɗaga adadi don ku ji kun yi sayayya mai riba. Mai neman saya yana da dalilin sauke shi.

Batun lada kuwa, masu aikin kirki suna caji ne bisa awa ko bisa kowane kaya, wani lokaci da ƙari ga kayan da ke da duwatsu masu yawa saboda aikinsa ya fi. Ku ji jimillar kafin a fara.

Gargaɗi: ku guji wanda ladansa kaso ne na darajar da ya rubuta. Duk abin da ya ƙara a adadin, ya ƙara wa aljihunsa ne, ku kuma za ku riƙa biyan kuɗin inshora a kan wannan ƙarin kowace shekara.

4. Ku faɗi dalilin kimantawar

Kaya guda yana da daraja fiye da ɗaya, kuma kowacce daidai ce a wurinta. Akwai kuɗin da za a kashe a sayi sabo irinsa a kanti. Akwai abin da zai kawo in an sayar da shi a matsayin na hannu. Akwai kuma kuɗin ƙarfen kawai in narka shi za a yi, wanda shi ne mafi ƙanƙanta. Inshora ta farkon take nema, wato kuɗin mayewa, har da ladan ƙira da ribar mai kanti da harajin da ake biya a kan sayayya.

Saboda haka kada ku ɗauki takardar da aka yi don rabon gado ko don sayarwa ku kai wa kamfanin inshora, adadinta zai gaza. Kada kuma ku riƙe takardar inshora ku je kasuwa kuna tsammanin za a saya a kan wannan adadin. Ba wanda zai ba ku, kuma ba cutar ku aka yi ba.

Tsohon kayan gado yana da nasa hukuncin. Idan an daina ƙera irinsa, mai kimantawa zai zaɓa tsakanin kuɗin nemo makamancinsa a kasuwar tsofaffin kaya da kuɗin sa maƙeri ya ƙera sabo mai kama da shi da hannu. Adadin biyu suna iya yin nisa sosai da juna. Ku tattauna wanda kuke so, ku tabbata kamfanin ya yarda da shi, kuma a rubuta a takardar wanda aka bi.

5. Ranar gwaji

In da hali, a yi aikin a gabanku. In kuwa dole ku bar kayan, ku karɓi takardar karɓa mai ɗauke da bayanin kowane kaya da nauyinsa, ku kuma tambaya ko inshorar wurin ta shafi kayan mutane da ke ajiye a can. A takardar karɓa za ku ga an rubuta "farin dutse" ko "ƙarfe mai launin rawaya". Kada ranku ya ɓaci, ƙa'ida ce, ba ya kiran abu lu'ulu'u ko gwal sai ya gwada.

Zai fara da wanke kayan, domin datti da maiƙo a bayan dutse suna sauya launinsa a ido. Sai ya auna nauyi a sikeli mai nuna giram har da lamba biyu bayan ɗigo. Sai ya duba tambarin da aka buga a jikin ƙarfen da gilashin ƙara girma. Lambobin suna nufin kason gwal a cikin dubu: 916 shi ne karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 karat 14. A azurfa kuwa 925 aka fi gani.

Tambari shaida ce ta farko kawai, ana buga na ƙarya. Don haka zai gwada ƙarfen, ko dai ta goga shi a baƙin dutse ya ɗiga ruwan asid a kan zanen, ko kuma da na'urar XRF wadda take karanta haɗin ƙarfe ba tare da ta taɓa lafiyar kayan ba. Dukansu biyu fatar ƙarfe suke karantawa, ba cikinsa ba. Kayan da aka yi wa ruwan gwal mai kauri zai iya ruɗin gwajin, shi ya sa gwani yake haɗawa da nauyi: gwal ƙarfe ne mai nauyi ƙwarai, awarwaron da ya yi sakayau a hannu fiye da girmansa ko dai rami ne a cikinsa ko kuwa wani ƙarfe ne. A sarƙa, ku nemi a gwada maɓallin daban da jikinta, domin shi ne aka fi sauyawa da mai ƙaramin karat wajen gyara.

Dutse kuma aikinsa ya fi tsawo. Kalmar karat a nan nauyi take nufi, karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, babu ruwanta da karat na gwal. Dutsen da ke ɗaure a zobe ba ya hawa sikeli, sai a auna faɗinsa da zurfinsa da milimita a ƙiyasta nauyin. Ga lu'ulu'u mai yankan da'ira ana ninka faɗi da faɗi, a ninka da zurfi, a ninka da 0.0061. Dutse mai faɗin 5.1 da zurfin 3.1 zai ba da kusan karat 0.49. Dole takarda ta ce ƙiyasi ne. Idan dutsen yana da takardar ɗakin gwaji, sau da yawa an zana lambarta da hasken leza a gefen dutsen, sai a duba a tabbata lambar ta dace da takardar.

Gargaɗi: ɗan alƙalamin gwajin lu'ulu'u da ake dangwala wa dutse ya yi ƙara bai isa ba. Dutsen moisanait, mai kama da lu'ulu'u amma ba shi ba ne, yana tsallake alƙalamin da yake auna zafi kawai. Lu'ulu'un da aka haɗa a masana'anta kuwa lu'ulu'u ne na gaske a sinadarinsa, alƙalamin ba zai bambanta shi da na haƙa ba, alhali farashinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Ku tambayi mai kimantawa da wace na'ura ya raba su. Kada kuma ku yarda a cire dutse daga mazauninsa sai da izininku a rubuce.

6. Abin da takardar za ta ƙunsa

A saman takarda za a ga sunan mai kayan, da ranar da aka yi kimantawar, da dalilinta, wato mayewa domin inshora. A ƙasa kuma sunan mai kimantawa, da shaidar karatunsa, da sa hannunsa. Tsakanin waɗannan ne aikin yake.

Ga misalin bayanin da ba ya amfani: "Sarƙar gwal guda ɗaya da zoben lu'ulu'u." Wannan layin zai dace da siririyar sarƙa mai giram 5 kamar yadda zai dace da mai giram 80. Ranar diyya, kamfani yana da damar kawo muku mafi arahar abin da ya dace da bayanin, kuma ba ku da hujjar musu.

Ga yadda ya kamata a rubuta sarƙar: gwal mai launin rawaya, tambari 875, an gwada an tabbatar karat 21, nauyi giram 48.20, tsawo santimita 45, faɗi milimita 6, cikakkiya ce ba mai rami ba, irin saƙarta kaza, ƙirar inji ce ko ta hannu, irin maɓallinta kaza, da alamar ɗan cin ƙarfe kusa da maɓalli. Zoben kuma: farin gwal karat 18, nauyinsa gaba ɗaya, girman yatsa, faɗin ƙarfen, yadda aka ɗaure dutsen da ƙafafu nawa ke riƙe da shi. Sannan dutsen kansa: lu'ulu'u na haƙa, yankan da'ira, awonsa da milimita, nauyi, launi, tsabta, kyawun yanka. Launi ana rubuta shi da harafi daga D, wanda ba shi da launi sam, har zuwa Z. Tsabta kuma, wato ƙarancin tabo a cikin dutsen, da alamomi irin VS2 ko SI1. Harafi biyu ko uku kacal a launi suna iya kawo bambanci mai yawa a farashi, don haka "fari mai kyau" ba bayani ba ne. Ƙananan duwatsun gefe a rubuta adadinsu da jimillar nauyinsu.

Duwatsu masu launi suna bukatar layi guda na musamman kan gyaran da aka yi musu. Yawancin yaƙutu ana gasa shi da wuta don launinsa ya fito, zumurrudu kuma ana cika tsagoginsa da mai. Akwai yaƙutun da ake cika wa gilashi, wanda darajarsa kaɗan ce. Takardar da ta yi shiru a kan wannan ta bar babban giɓi.

Sauran abubuwa biyu da nake nacewa a kansu: hotuna masu kyau daga gaba da baya da na tambari, da kuma farashin gwal na ranar da aka yi lissafi da shi. Wannan na biyun shi zai sauƙaƙa muku mataki na ƙarshe. Kowane kaya ya samu adadinsa daban. A saitin sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, kada a dunƙule su a adadi guda, domin ɗan kunne ɗaya yana iya ɓata shi kaɗai. Ku tambayi kamfanin ma yadda yake biya idan guda cikin biyu ne ya ɓata, wasu rabin kuɗin kawai suke bayarwa ko da ba za a samu abokin ɗayan ba.

7. Ku gwada adadin da kanku

Kafin ku bar wurin, ku karanta takardar da kayan a hannu, ku gyara duk kuskuren suna ko nauyi nan take. Sannan ku yi ɗan lissafi. Mu ɗauki sarƙar nan, mu zagaye nauyinta zuwa giram 48. Karat 21 kashi 875 ne cikin dubu, wato tsantsar gwal ɗin da ke cikinta giram 42 ne. Don sauƙin lissafi a ce giram ɗaya na tsantsar gwal 100 ne a kowane irin kuɗi kuke amfani da shi. Ƙarfen sarƙar 4,200 ke nan. A ce ladan ƙira da riba da haraji sun kai 1,000, kuɗin mayewa ya zama 5,200.

Idan takarda ta ce 4,000, ta gaza ko kuɗin ƙarfe, akwai kuskure. Idan ta ce 11,000 ga sarƙar inji wadda ba ta wani sanannen kamfani ba, ku nemi bayani. Wasu suna murna da babban adadi, amma kuɗin inshora kaso ne na adadin da aka rubuta, don haka za ku biya fiye da ninki biyu kowace shekara, ranar asara kuma kamfanin da ke mayewa sarƙar 5,200 zai saya muku.

Daga nan sai ku aika wa kamfani kwafi, ku jira sabuwar takardar yarjejeniya mai ɗauke da kowane kaya da adadinsa. Kimantawa ita kaɗai ba ta sa kaya cikin inshora. Asalin takardar kuma kada ya kwana a akwati ɗaya da kayan, ɓarawo da gobara tare suke tafiya da su. Ku ɗauki hotonta ku adana a imel ɗinku, ku ba wani amintacce kwafi.

8. Yaushe za a sabunta

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce duk bayan shekara 2 zuwa 3, wasu kamfanoni kuma suna karɓar takarda har zuwa shekara 5. Abin da yarjejeniyarku ta ce shi ne iyaka. Amma ga kayan da yawancin darajarsa nauyin gwal ne, kalanda ba ta isa ba, farashi ake kallo. A ƙarshen 2015 oza ɗaya ta gwal, wato giram 31.1, tana wajen dala 1,060 a kasuwar duniya. A watan Agusta na 2020 ta haura 2,000 karon farko, a Maris na 2025 ta haura 3,000, kafin ƙarshen 2025 kuma ta wuce 4,000. Wanda ya yi takarda a farkon 2024 bai cika shekara biyu ba ta riga ta tsufa. Idan kuma kuɗin ƙasarku ya faɗi a gaban dala, tashin da za ku gani ya fi haka.

Mu koma ga sarƙar. An yi mata inshora a 5,200 lokacin da giram yake 100. Yanzu giram ya kai 150. Ƙarfen ya zama 6,300, ko da ladan ƙira bai motsa daga 1,000 ba, mayewa ya kai 7,300. In ta ɓata yau, 5,200 ɗin da za a biya sarƙar giram 34 kawai zai saya, giram 14 sun tafi. Wasu yarjejeniyoyin ma suna da sharaɗin cewa idan inshorar da aka yi ta gaza ainihin darajar kaya, za a rage diyya da wannan kason ko da asarar ɓangare ce. A misalinmu kusan kashi 71 cikin ɗari na kuɗin gyara za a biya idan sarƙar ta tsinke wani yanki ya faɗi.

Abin da nake ba da shawara shi ne, duk shekara lokacin sabunta inshora ku kwatanta farashin gwal na ranar da wanda aka rubuta a takardarku. Idan bambancin ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ku koma wurin mai kimantawa ko da shekarun ba su cika ba. Wasu kamfanoni suna ƙara adadin da kansu kowace shekara bisa hauhawar farashi na gama-gari, amma gwal ba ya tafiya da wannan ma'aunin, kada ku dogara da shi.

Sabuntawa ba kullum sama take kai adadi ba. Farashin lu'ulu'un masana'anta ya faɗi sosai a 'yan shekarun nan, na haƙa ma ya sauka daga inda ya kai a 2022. Mai zoben da darajarsa a dutse take yana iya kasancewa yana biyan inshora a kan adadin da kasuwa ta bari a baya.

Ban da farashi, ku sabunta duk lokacin da kayan ya canja: an sauya dutse, an ƙara ko rage faɗin zobe, an narka tsoho an ƙera sabo, ko kayan ya koma hannun magaji. Komawa wurin wanda ya yi ta farko ya fi araha tun da bayanin yana hannunsa, amma ku tafi da kayan. Wanda ya sauya adadi ta waya bai ga ƙafar zoben da ta cinye ba, kuma yawancin yarjejeniyoyi ba sa biyan dutsen da ya faɗi saboda tsufan mazauninsa. Wasu ma suna sharɗanta a riƙa kai manyan zobba wurin maƙeri yana duba ƙafafun lokaci zuwa lokaci. In an duba, ku sa ya rubuta ranar da abin da ya gani, ku haɗa da sabuwar takardar ku aika wa kamfani, tsohuwar kuma ku ajiye ta domin tana nuna tun yaushe kayan yake hannunku.